Taya na ƙarya, jairo na ƙarya: yadda mutum-mutumi ke gane inda yake

Ƙaramin mutum-mutumi mai taya biyu da ke kai kaya daga wannan lungu zuwa wancan a cikin babban sito ba ya samun siginar tauraron ɗan'adam, domin rufin kwano da bango sun tare ta. Duk da haka dole ya san inda yake a kowane lokaci. Hanya mafi arha ita ce ya ƙirga juyin tayoyinsa, abin da injiniyoyi ke kira odometiri. A jikin kowace taya akwai wata 'yar na'ura, enkoda, mai ba da sigina duk lokacin da tayar ta ɗan motsa. A ce faɗin tayar santimita 10 ne, kewayenta ya zama 31.4, enkodar kuma tana buga sigina 1000 a juyi ɗaya. Ke nan kowace sigina ba ta kai sulusin milimita ba. Mai jin wannan zai zaci magana ta ƙare.

Matsalar tana wajen gane alƙibla. Mutum-mutumin yana lissafa kwanar da ya yi ne ta hanyar ɗebe tafiyar tayar hagu daga ta dama, ya raba da tazarar da ke tsakaninsu, wadda a misalinmu santimita 30 ce. To a ce tayar dama ta fi ta hagu faɗi da rabin milimita kacal, abin da ido ba zai gani ba. Idan aka umarce shi ya tafi mita 10 sak, enkodojin biyu za su ba da adadi iri ɗaya, kwamfutarsa ta yarda a miƙe yake. A ƙasa kuwa tayar dama ta zarce da santimita 5, ya karkata hagu da kusan digiri 9.5, ya kauce wa layinsa da santimita 80 da 'yan kai. Irin wannan kuskuren ana iya auna shi a gyara. Wanda ba ya aunuwa shi ne sulɓi: taya ta taka ruwa ko yashi, ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, enkoda na ta ƙirga tafiyar da ba a yi ba.

Shi ya sa ake ƙara masa wani ɗan guntun lantarki irin MPU-6050, wanda bai kai farcen yatsa girma ba. A cikinsa akwai jairo, mai auna saurin juyawa, da akselaromita, mai auna ƙaruwar gudu. Jairo ba ruwansa da taya, don haka sulɓi ba ya yaudararsa. Amma shi ma da nasa halin: ko an ajiye shi a kan tebur ba ya nuna sifili cif. Idan ya karkace da digiri 0.1 a daƙiƙa, cikin minti ɗaya ya tara digiri 6 na kwanar da ba a yi ba, kuma karkacewar tana canzawa da ɗumin na'urar. Akselaromita ta fi muni wajen auna nisa, domin kuskurenta yana ƙaruwa da ninkin lokaci: kuskuren 0.01 kawai a ma'aunin mita da daƙiƙa yana zama mita 18 a minti ɗaya. Da yawa daga masu haɗa irin waɗannan na'urori kan bar nisa ga taya, su nemi jairo don kwana kawai, kuma a ganina sun yi daidai.

Dabarar haɗa su ta fito daga wata takarda da Rudolf Kalman, haifaffen Budapest, ya wallafa a Amurka a 1960. Stanley Schmidt na cibiyar Ames ta hukumar NASA ya faɗaɗa ta don lissafin hanyar kumbon Apollo, kuma wannan faɗaɗɗen salon ne ake amfani da shi a mutum-mutumi, tun da tafiya mai kwana ba ta bin lissafin miƙaƙƙen layi. Filtar Kalman tana aiki kamar alƙalin da ke sauraron shaidu biyu, ya san iyakar gaskiyar kowannensu. Ba amsa kaɗai take riƙewa ba, har da yawan shakkar da take da ita a kan amsar.

Ga yadda abin yake da alƙaluma. Mutum-mutumin ya sha kwana. Hasashen da aka gina a kan jairo ya ce digiri 84 ne, da shakkar digiri 2. Tayoyi sun ce 90 ne, amma da yake taya kan ɗan goga ƙasa a kwana, shakkarsu digiri 4 ce. Filtar tana ninka kowace shakka da kanta, ta sami 4 da 16, sannan ta fitar da nauyin da za ta ba maganar tayoyi:

```
K = 4 / (4 + 16) = 0.2
kwana = 84 + 0.2 * (90 - 84) = 85.2
shakka = sqrt((1 - 0.2) * 4) = 1.8
```

Ba ta raba tsakiya ta ce 87 ba. Ta matsa kashi ɗaya cikin biyar na saɓanin zuwa ɓangaren tayoyi, sabuwar shakkarta kuma, digiri 1.8, ta gaza ta kowanne daga cikin biyun. A aikace ba ta jiran a gama kwana. Tana maimaita hasashe da gyara kamar sau hamsin a daƙiƙa.

Inda ta fi burge ni shi ne tana iya koyon halin jairo. Ana sa karkacewarsa cikin abubuwan da filtar ke ƙiyastawa. Duk lokacin da mutum-mutumin ya tsaya, tayoyi suka ce babu motsi, jairo kuwa ya ce 0.1, sai ta jingina bambancin ga karkacewa, ta riƙa ɗebe shi a gaba. Haka kuma saɓanin kansa yana tona sulɓi. A misalinmu saɓanin da ake tsammani digiri 4.5 ne, wato tushen 20. Da tayoyi sun ce 110, bambancin 26 ya wuce ninki uku na wannan nesa ba kusa ba, sai a tsara ta ta yi watsi da wannan awon.

Sai dai filtar ba ta san komai ba sai abin da aka gaya mata. Mutum ne ke rubuta mata yawan shakkar kowace na'ura, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Idan aka yi wa tayoyi yabon da bai dace ba, aka ba su 'yar ƙaramar shakka, za ta daina sauraron jairo, ta bi sulɓi da cikakken tabbaci. Alamar hakan ita ce saɓanin ya riƙa fita gefe ɗaya ko ya riƙa wuce iyakar da aka zata. Wani kuskuren shi ne a ba ta matsayin da aka lissafa daga taya, a kuma ba ta gudun da aka lissafa daga tayar, ta ɗauka shaidu biyu ne alhali bakin mutum ɗaya ne. Gwaji mai sauƙi shi ne a zana murabba'i a ƙasa, mita huɗu kowane gefe, a sa shi ya zagaya ta dama, ya sake ta hagu, a auna da tef inda ya tsaya, a kwatanta da inda ya ce yana. Zagaye ta gefe ɗaya kaɗai na iya ɓoye kurakurai biyu da suka kashe juna.

Akwai kuma abin da haɗin ba ya iya gani. Idan tayoyin biyu suka sulɓe tare a miƙaƙƙiyar hanya, babu juyawar da jairo zai ƙaryata. Kuma da taya da jairo duk canji suke aunawa, babu wanda ke ganin wurin kansa, don haka shakkar matsayi tana ci gaba da girma, a hankali dai fiye da da. Mutum-mutumin da zai wuni yana aiki sai an ƙara masa shaida na uku mai duban waje, kamar kyamara mai karanta alamomin da aka manna a ƙasa ko na'urar leza mai auna nisan bango, a shigar da awonsa cikin filtar da tasa shakkar.