Yabo ne ko gatse? Yadda ake warware saƙon Ingausa

Wani tela ya aika wa abokiyar cinikinsa ɗinkin salla, da yamma sai ga saƙonta a WhatsApp: "Slm mlm ykk. Gsky ka kyauta, dinkin nan is something else. Ok no wahala sai mun hadu." Ya karanta ya sake karantawa, amma ya kasa gane ko godiya take yi ko kuwa gobe za ta dawo masa da kaya.

Gajerun kalmomin ba su ne matsalar ba. Tun zamanin da saƙon tes ɗaya ba ya wuce harafi 160 mutane suka saba cire wasula, saboda haka "slm" sallama ce, "ykk" ya kake, "gsky" gaskiya. Mayar da wasulan ya ishe ka. Sai dai a kula da haruffa masu ƙugiya, domin yawancin masu rubutu a waya ba sa sa su: "fada" na iya zama fadar sarki, na iya zama faɗa.

Inda gizo ke saƙa shi ne murya. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya. "Ya zo" na iya nufin mutum ya riga ya iso, ko kuma umarni ne a ce masa ya zo. Haka "ka kyauta" yake: a baki, kunne kaɗai ya isa ya bambance godiya da gatse, a rubuce kuwa kamanninsu ɗaya.

To me telan zai duba? Da farko, inda ta sauya harshe. Masu Ingausa sukan tsallaka Turanci a daidai wurin da zuciya ta motsa, don murna ko don haushi, ke nan ɗinkin ya taɓa ta, saura a san ta wane ɓangare. Sai ya koma tsofaffin saƙonninta, wanda a ganina shi ne ma'auni mafi inganci. Idan ta saba cika saƙo da alamar dariya da "ngd sosai", yau kuma babu ko ɗaya, shirun nan magana ne. Sannan "no wahala" ba ta zuwa bayan yabo. Ana faɗinta ne idan akwai abin da aka haƙura da shi. Wanda ya ji daɗin ɗinki me zai yafe?

Alamu sun fi karkata ga ɓacin rai, amma ba su kai hujja ba, musamman ga mai rubutu cikin sauri. Kada telan ya fara kare kansa a rubuce. Ya kira ta, ko ya tura saƙon murya: "Hajiya, ina fatan kayan sun zauna miki daidai? In akwai gyara a turo yaro da su."