Takardar da za ta jira shekara hamsin: yadda ake yin PDF/A

A ce sakataren wata ƙaramar hukuma ya buga rahoton zaman majalisa da Hausa, ya mayar da shi PDF, ya sa masa kalmar sirri ya ajiye. Bayan shekara ashirin rigimar fili ta taso, kotu ta nemi rahoton. Wanda ya san kalmar sirrin ya daɗe da yin ritaya. Ko da an samu an buɗe fayil ɗin, sai a tarar duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, wani ɗan akwati ne a gurbinta. Don kauce wa irin wannan ne hukumar ISO ta fitar da ƙa'idar ISO 19005 a shekarar 2005, wadda aka fi sani da PDF/A. An bi ta da PDF/A-2 a 2011, PDF/A-3 a 2012, sannan PDF/A-4 a 2020.

Sharaɗin ƙa'idar guda ne: duk abin da ake bukata don nuna takardar ya kasance cikin fayil ɗin, kada ya jingina da komai na waje.

Batun haruffa ne ya fi shafar mu. PDF na gama-gari yana iya ambatar sunan samfurin haruffan da aka yi rubutu da shi kawai, da zaton kwamfutar mai karatu tana da irinsa. Idan babu, manhajar sai ta ɗauko wani ta maye gurbinsa, kuma ba kowane samfuri ke da haruffanmu masu lanƙwasa ba. Daga nan layuka ke gocewa, sunayen mutane su lalace. PDF/A ya wajabta a cusa siffar kowane harafi da aka yi amfani da shi cikin fayil ɗin. Wasu masu samfuran ba su yarda a cusa nasu ba. Idan aka ci karo da irin wannan, dole a sauya samfurin tun a ainihin rubutun.

Sai kulle fayil, wanda aka haramta ɗungurungum, ko na hana buɗewa ne ko na hana bugawa. Ma'aikata kan yi ƙorafi a nan, tunda akwai takardun sirri. A ganina ƙa'idar ta yi daidai: a tsare ma'ajiyar da fayilolin suke ciki, a ƙayyade masu shiga, amma makomar takarda kada ta rataya a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya.

A PDF/A-1 zuwa PDF/A-3 an kuma hana sauti da bidiyo, da umarnin JavaScript, da duk wani maɓallin da zai tayar da wata manhaja. Dalilin JavaScript a fili yake. Takardar da ke sauya kwanan watanta duk ranar da aka buɗe ta ba za ta zama shaida ba. Hoton da ake jawowa daga wani fayil na waje shi ma haramun ne, launuka kuwa sai an fayyace su yadda kowace na'ura za ta fahimta. PDF/A-1 ya fi tsauri, don bai yarda da hoto shara-shara ba, irin tambarin da ake hango rubutu ta ƙarƙashinsa. PDF/A-2 ya halatta shi. PDF/A-3 ya ƙara da izinin liƙa kowane irin fayil a ciki, kamar jadawalin Excel, sai dai bai ɗauki alkawarin cewa abin da aka liƙa zai buɗu nan gaba ba.

Yin aikin ba wuya. A Word, wajen adana fayil a matsayin PDF, a shiga Options a zaɓi PDF/A compliant. A LibreOffice zaɓin yana cikin Export as PDF. Za a ga ƙaramin harafi a ƙarshen sunan matakin. PDF/A-2b kamannin shafi kawai ya lamunce, PDF/A-2u kuwa ya ƙara da cewa kowane harafi yana da lambarsa ta Unicode, don mai neman sunan Ɗanladi a cikin shafi ɗari ya same shi. Rahoton sakatarenmu wannan matakin ya fi dacewa da shi.

A kula da sa hannu na dijital. An yarda da shi, amma sai a fara mayar da takardar PDF/A kafin a sa. Wanda ya sa hannu sannan ya sauya fayil ɗin ya karya sa hannun.

Saura tantancewa. Sanarwar da Acrobat ke nunawa a saman shafi, cewa fayil ɗin PDF/A ne, iƙirarin fayil ɗin kansa ta karanto, ba bincike ta yi ba. Mai binciken gaske ita ce veraPDF, manhaja ta kyauta da ke lissafo duk dokar da fayil ya karya. Don duba haruffa kaɗai, wannan umarni ya isa:

```
pdffonts rahoto.pdf
```

A dubi ginshiƙin emb. Duk layin da aka rubuta no, ba a cusa wannan samfurin ba, sai a koma ainihin rubutun a gyara, a sake fitar da fayil ɗin.