Masara ko Waken Suya? Amsar Tana Kusurwa

A ɗauka wani manomi ne a ƙasar Saminaka, da gona kadada 10 da jarin naira miliyan 1 da dubu 800. Masara, sarkin cin taki, tana lashe dubu 300 a kadada, ta bar ribar dubu 500. Waken suya kuwa dubu 100 ya ishe shi, ribarsa dubu 300. Kadada nawa zai ba kowanne?

Masu lissafi sukan kira filin masara x, na wake y, su ƙirga kuɗin da dubu ɗari-ɗari. Gona ba ta miƙewa, don haka x + y ≤ 10. Aljihu ma da iyakarsa: 3x + y ≤ 18. Ribar da ake son ta kai maƙura ita ce 5x + 3y.

Sai a koma kan takarda, masara a layin kwance, wake a na tsaye. Layin gona ya tashi daga 10 a kwance zuwa 10 a tsaye, na jari daga 6 a kwance zuwa 18 a tsaye. Filin da ya rage a ƙarƙashinsu duka biyu shi ne abin da manomin zai iya, kuma kusurwa huɗu gare shi: (0, 0), (6, 0), (0, 10), da mahaɗar layukan. Ita mahaɗar, a cire lissafin gona daga na jari, saura 2x = 8, wato masara 4, wake 6.

Kusurwar farko zaman banza ce. Masara zalla, kadada 6, ta ba da miliyan 3, ga jari ya ƙare, kadada 4 na kwance. Wake zalla ma miliyan 3. Amma (4, 6) ta kawo miliyan 3 da dubu 800.

Me ya sa ba a wahalar da kai da tsakiyar filin? Duk tsarin shukar da ribarsu ta zo ɗaya, a kan miƙaƙƙen layi guda suke. A ɗora rula a kan layin, a riƙa tura ta waje ba tare da karkata ba. Wurin da za ta taɓa daga ƙarshe kafin ta fice, kusurwa ce. In gefe guda ta kwanta a kai, kusurwoyinsa biyu sun yi kunnen doki. A kan wannan hujja George Dantzig ya gina dabarar simplex a 1947, don matsalolin da suka fi ƙarfin zane.

Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne (10, 0). Tana kan layin gona, ribarta miliyan 5, abin sai lashe baki. A gwada ta da jari: 30 ta zarce 18, ashe a waje take.

Kasuwa ma tana juya amsar. Ribar wake ta faɗo dubu 100, (4, 6) ta koma miliyan 2 da dubu 600, masara zalla ta wuce gaba.