Yadda Ake Taka Wa Masu Cankar Kalmar Sirri Birki a Ƙofar Shiga Manhaja

Duk wanda ya taɓa yin kuskuren lambar buɗe wayarsa sau da yawa a jere ya san abin da ke biyo baya: wayar za ta ce a dakata na ɗan lokaci kafin a sake gwadawa. Irin wannan birki ne masu gina manhajoji ke sakawa a ƙofar shiga, wato adireshin da ke kan saba, irin su `/api/login`, inda manhaja ke aika sunan mutum da kalmar sirrinsa a duk lokacin da ya latsa maɓallin shiga.

Mai kutse ba ya zama yana latsa maɓalli da yatsa. Ƙaramin shiri yake rubutawa da zai riƙa aika canka kai tsaye zuwa wannan adireshi. A ɗauki asusun da aka kulle da lambobi huɗu. Daga 0000 zuwa 9999 akwai lambobi 10,000 ke nan. Idan saba tana amsa canka 100 a kowace daƙiƙa, cikin daƙiƙa 100 an gama gwada su duka, ko minti biyu ba a yi ba.

Birki na farko: ƙirga adireshin IP

Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙayyade yawan buƙatun da adireshin IP guda zai iya aikowa. A sabar da ke amfani da nginx, 'yan layuka kaɗan ne ke yin aikin:

```
limit_req_zone $binary_remote_addr zone=login:10m rate=5r/m;

location = /api/login {
    limit_req zone=login burst=5 nodelay;
    limit_req_status 429;
    proxy_pass http://127.0.0.1:3000;
}
```

Layin farko, wanda ake ajiyewa a sashen `http`, yana buɗe rajistar da za a riƙa lissafa kowane adireshi a ciki. Inda aka rubuta `rate=5r/m` ana nufin buƙata biyar a minti ɗaya, amma nginx ba ya barin biyar ɗin su shigo lokaci guda. Rarraba su yake yi, ɗaya a kowace daƙiƙa 12. Da a haka aka tsaya, mutumin da yatsarsa ta zame ya sake gwadawa nan take sai a kore shi. Shi ya sa aka ƙara `burst=5 nodelay`, wanda ke ba da rangwamen ƙarin buƙatu biyar ba tare da jira ba. Saboda haka shida na farko za su wuce, daga nan kuma sai ɗaya a kowace daƙiƙa 12. Waɗanda suka yi yawa za a mayar musu da lambar 429, wadda ke nufin buƙatu sun wuce kima. Idan ba a rubuta wannan layi ba, 503 nginx zai mayar, sai manhaja ta ɗauka sabar ce ta samu matsala.

Gwada shi ba wuya. Mai gina manhajar zai aika buƙatu goma a jere zuwa tasa sabar, idan ya ga shida sun wuce, huɗu sun dawo da 429, birki ya kama. Yanzu lambobin nan 10,000 za su ɗauki kusan minti 2,000, wato fiye da awa 33, maimakon daƙiƙa 100.

Inda wannan birki ke zamewa

Matsala ta farko tana faɗawa ne kan masu gaskiya. Kamfanonin layin waya ba sa ba kowace waya adireshinta na kanta a intanet, sukan haɗa masu amfani da data da yawa a bayan adireshi guda. Haka ma ɗaliban da ke kan waifai ɗaya a makaranta. Idan an matse iyakar sosai, mutum zai buɗe manhaja karon farko a ranar, a ce masa ya gwada da yawa, alhali wasu ne da bai ma san su ba suka cinye rabon. Alamar hakan ita ce a ga 429 na yawaita a lokutan cunkoso, kuma a ga adireshin da aka tare yana ɗauke da sunaye daban-daban da suka shiga daidai.

Matsala ta biyu ta fi haɗari: adireshi abu ne da ake haya da araha. Mai kutsen da ya tara adireshi 1,000, kowanne yana aika canka biyar a minti, yana da canka 5,000 a minti. Lambobin nan 10,000 za su ƙare cikin minti biyu, kuma babu adireshi ko ɗaya da ya karya doka.

An ga irin wannan a zahiri a shekarar 2019, lokacin da wani mai binciken tsaro ɗan Indiya, Laxman Muthiyah, ya gwada ƙofar sauya kalmar sirri ta Instagram. Manhajar kan aika lambobi shida zuwa wayar mai asusu, kuma sukan daina aiki bayan minti goma. Akwai birki a ƙofar, amma ya gano cewa idan aka aika buƙatu da yawa a lokaci guda daga adireshi daban-daban, ana tsallake shi. Ya nuna hakan da buƙatu 200,000 daga adireshi kusan 1,000. Ya kai rahoto, kamfanin Facebook ya toshe ɓarakar, ya kuma ba shi tukuicin dala 30,000.

Birki na biyu: ƙirga asusun da ake hari

Mai kutse zai iya sauya adireshi, amma ba zai iya sauya asusun da yake son shiga ba. Don haka ƙirge na biyu a kan sunan asusu ake yin sa, a cikin manhajar kanta, kuma kuskure kaɗai ake ƙirgawa. Da yawa suna amfani da Redis:

```
INCR fail:user42
EXPIRE fail:user42 3600
```

Umarni na farko yana ƙara ɗaya a duk kuskure. Na biyu, wanda ake bayarwa a kuskuren farko, yana sa lissafin ya goge kansa bayan daƙiƙa 3,600, wato awa ɗaya. Kafin a duba kalmar sirri sai a leƙa lissafin, idan ya kai goma a ƙi dubawa. Da wannan, ko adireshi nawa aka zo da su, canka goma ne a awa. Lambobi 10,000 za su ci awa 1,000, kusan kwana 42.

Nan ma akwai tarko. Idan kuskure goma na rufe asusu gaba ɗaya, duk wanda ya san sunan wani zai iya rubuta shirme sau goma da gangan don ya kulle shi a waje. Shi ya sa ake yin kullen na ɗan lokaci, kuma a ware wa wayar da ta taɓa shiga asusun daidai nata lissafin daban, ta yadda harin baƙo ba zai hana mai asusu shiga ba.

Duk da haka, birkin nan biyu jinkirta canka kawai suke yi. Idan kalmar sirrin mutum 123456 ce, ko kuwa wadda ta riga ta fallasa daga wani shafin da ya yi amfani da ita, za a iya dacewa tun a gwajin farko, kafin lissafi ya kai biyu. A nan, abin da zai tsare asusun shi ne tabbatarwa ta mataki na biyu, kuma ita ma ƙofar da ke karɓar lambarta tana buƙatar nata birkin.