Dalilin Da Ya Sa Mai Fassarar Mafarki Na Ƙwarai Ba Ya Yanke Wa Mutum Ajali Ko Ciwo Ko Ciki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Tambayar da ta fi zo mana bayan karatu ita ce ta wanda ya yi mafarkin haƙorinsa ya faɗi, aka ce masa wani nasa zai rasu. Ba ma tabbatar da wannan fassara. Haka ba ma ce wa mace mafarkinta ciki ne, ko mu ce wa wani ciwo na tafe. Maganarmu a kan fassarar mafarki ce, wadda shari'a ta yarda da ita. Bugun ƙasa da duba kuwa haramun ne tun daga tushe.

Aya ta 34 a Suratu Luƙman ta keɓe wa Allah sanin abin da ke cikin mahaifa, da abin da rai zai aikata gobe, da ƙasar da zai mutu. Fassara kuwa zato ce. Wani zai ce ai Annabi Yusuf (AS) ya gaya wa abokin zamansa na kurkuku za a tsire shi. Gaskiya ne, amma shi Annabi ne, Ubangijinsa ya sanar da shi. Mu ba a yi mana wahayi. Littafin da ake jingina wa Ibn Sirin ma, inda mutane ke samo zancen haƙori, malamai da yawa ba su yarda shi ya rubuta shi ba.

Sannan ga ɓarnar da ke biyo baya. Wadda aka ce wa mahaifiyarta za ta rasu takan daina barci, wani lokaci har a bar kai tsohuwar asibiti, wai ajali ya riga ya zo. Wadda aka yi wa albishir da ciki kuma, in wata ya zagayo ta ga jini, kukanta ya fi na da.

To me za a ce? A ce mace ta zo da mafarkin haƙori, mahaifiyarta na kwance. Sai malam ya ce: "Malama, ajali babu wanda ya san shi sai Allah, ni ma ban sani ba. Mafarki iri uku ne: na Allah, na Shaiɗan, da zancen zuci. Mai jinya yakan kwana da abin da ya yini da shi." Sai ya koya mata abin da ya tabbata a Sahihu Muslim: ta yi tofi ta hagu sau uku, ta nemi tsari daga Shaiɗan, ta juya kwanciya, kada ta ba kowa labari. Daga nan ya tambaya: "Yaushe rabon da likita ya duba Hajiya?"

Kada ya ce "babu abin da zai same ta", domin wannan ma da'awar gaibu ce, kuma in tsohuwar ta rasu ya zama maƙaryaci.

Mai tambayar ciki kuwa, in al'adarta ta yi jinkiri, a yi mata addu'ar zuriya ta gari, a ce ta je a yi mata gwajin fitsari. Wallahu a'alam.