Yadda za ka gane manjan da aka zuba wa rini

Ba a noman kwakwar manja a Gumel, Gagarawa ko Sule Tankarkar. Daga kudu ake kawo manja cikin jarkoki, ya bi hannaye da dama kafin ya iso kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis. A wannan doguwar hanya ce algus ke samun ƙofa.

Mafi hatsari shi ne rinin da ake kira Sudan IV, na masana'antu, wanda aka haramta a abinci saboda fargabar cutar daji. Ana zuba shi don kodaɗɗen mai ya yi jawur. A 2015 hukumar abinci ta Ghana ta same shi a mafi yawan manjan da ta gwada a kasuwannin Accra.

Ɗiga manja cikin ruwa ba ya tona asirin, domin rinin a mai yake narkewa. Gara ka zuba cokali biyu a tukunya, ka soya na 'yan mintuna. Jan manja na asali wuta na kashe shi, sai man ya koɗe. Idan ya tsaya ja, ka yi hattara. Daskarewa lokacin hunturu kuwa ba aibi ba ce, ɗabi'ar manja ce.

Gwajin gida alama ce kawai. Ɗakin gwaji ke yanke hukunci. Na kwalba, duba lambar NAFDAC da adireshin kamfani. Na awo, sayi kaɗan wurin mai shago tsayayye, ka gwada tukuna.