Karin Kalma Daban, Rausayar Murya Daban

Bahaushe ba ya rikita kukan yaro da kukar miya, ko da yake a rubuce duka "kuka" ne. A na yaro gaɓoɓin biyu suna sama, a na bishiya kuwa ta farko tana sama, ta biyu ta sauka ƙasa. Wannan shi ne karin sauti, kuma na kalmar ne, da shi take zuwa duk inda ta shiga. To amma muryar da ke ɗauke da shi ita ce kuma ke nuna tambaya da mamaki da ƙarshen zance. Wannan ita ce rausayar murya, kuma ta jimla ce. Aikin mai nazarin harshe shi ne ya ware su, domin tare suke isowa kunne.

Mu ɗauki jimlar "Bala ya sayi kujera." Karinta a jere shi ne ƙasa, sama, sama, ƙasa, sama, sama, ƙasa, sama. Mai karatu ya furta ta a hankali ya saurari kansa. Gaɓar "la" ta fi "yi" tashi, "yi" kuma ta fi "ra", alhali dukkansu karin sama ne. Dalili shi ne a Hausa duk lokacin da karin ƙasa ya gitta, karin saman da ke biye ba ya komawa inda na baya ya tsaya, kamar mai sauka daga matakala. Idan jimla ta yi tsawo, karin sama na ƙarshe yana iya yin daidai da karin ƙasa na farko. Wanda ya dogara ga na'ura kaɗai, misali manhajar Praat mai auna kaifin murya, zai iya rubuta cewa "kujera" da karin ƙasa take ƙarewa, kuma ya yi kuskure. Da maƙwabciyarta ake auna gaɓa: "ra" ta fi "je" tashi, saboda haka sama ce.

Yanzu a mayar da jimlar tambaya: "Bala ya sayi kujera?" Gangarowar nan ta ragu ƙwarai, kuma gaɓar sama ta ƙarshe ta ɗaga fiye da yadda aka saba. Duk da haka "je" tana nan ƙasa da "ku". Abin da ya canja tsakanin jimlolin biyu na rausaya ne, abin da ya ƙi canjawa kuwa na kalma ne. William Leben da Sharon Inkelas da Mark Cobler sun yi nazarin irin wannan a Hausa a 1989. Haka ma "fat" a "fari fat": tana tashi sama da "fari", amma ba wani kari ne na uku ba, ƙarfafawa ce da ake yi wa amsa-kama.

A ganina, kuskuren da ya fi yawa tun wajen tattara kalmomi yake faruwa. Idan aka miƙa wa mutum jerin kalmomi ya karanta, zai ɗaga murya a ƙarshen kowace don nuna da saura, ya sauke a ta ƙarshe, sai wannan rausayar ta lulluɓe karin. Maganin da Kenneth Pike ya bayyana a littafinsa na 1948 shi ne a saka kalmar a tsakiyar jimlar da aka riga aka san karinta. A gwada "Na ji kuka jiya" da "Na ga kuka jiya". A ta farko murya tana tafiya a miƙe har sai gaɓar ƙarshe. A ta biyu tana faɗuwa a kan "ka", sannan "ji" ta "jiya" ta taso amma ba ta kai "ku" ba. Sai a maimaita da tambaya, a kuma sake da bakin mutane da dama, maza da mata.

Akwai tsari na uku da ake rikitawa da waɗannan. A Japananci na Tokyo, kalma tana da wuri guda ne kawai inda murya ke faɗuwa, ko kuma ba ta da shi sam. "Hashi" mai faɗuwa bayan gaɓar farko tsinkayen cin abinci ne. Mai faɗuwa bayan ta biyu gada ce, marar faɗuwa kuma gefe. Biyun ƙarshe ba a rarrabe su sosai sai an liƙa musu ƙaramar kalma irin "ga", a ji ko ta faɗi ko ta tsaya sama. Gwajin a nan shi ne a ƙirga salon karin da kalma ke iya ɗauka. A Tokyo, in murya ta faɗi a cikin kalma ba ta sake tashi. "Kujera" kuwa ta sauka ta sake hawa, "makaranta" ta tafi sama daga farko har ƙarshe, "wuya" ta jiki ta sauka, "wuya" ta wahala ta hau. Alama guda a kan gaɓa guda ba ta isa ta bayyana wannan ba.

Ɗaliban da ke nazarin harsunan da ba a rubuta karinsu ba tukuna, kada ku sa wa kalma alamar kari sai kun ji ta a tsakiyar jimla, a bayani da kuma a tambaya.